Me Ya Sa Ake Fara Kulawar Sassauci Tun Ana Tsakiyar Maganin Sankara?

A asibitocinmu, idan likita ya ce wa dangin majiyyaci zai haɗa su da masu kulawar sassauci, wato abin da ake kira faliyatif, abin da dangi suke ji shi ne an gama, sai a koma gida a yi ta addu'a. Shi ya sa wasu suke ruɗewa idan aka yi musu wannan magana a ranar da aka rubuta wa mara lafiyarsu jadawalin gashi, wato ƙona sankara da hasken na'ura, da kemo, wato magunguna masu kashe ƙwayoyin sankara. Idan har ana sa ran magani zai yi aiki, me ya kawo zancen sassauci? Idan kuma ba a sa rai, don me za a sa su sayar da gona su biya kuɗin gashi?

Ruɗanin yana da tushe, domin shekaru 40 da suka wuce su kansu likitoci haka suka ɗauki abin. Daga baya ne ra'ayinsu ya sauya, kuma akwai dalilai.

## Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Akwai maganin da ke yaƙar cutar kanta: tiyata, kemo, gashi, wankin ƙoda. Akwai kulawar sassauci, wadda ke duba abin da cutar da maganinta suke yi wa mutum: zafin ciwo, amai, haki, rashin barci, warin gyambo, fargaba, da wahalar masu jinya. Sannan akwai kulawar ƙarshen rayuwa, ta makonni ko kwanakin ƙarshe. Ta ukun wani yanki ce kawai a cikin ta biyun.

Abin da ke sa a fara kulawar sassauci shi ne yawan wahalar da mutum yake ciki, ba yawan kwanakin da ake tsammanin sun rage masa ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna haka: cikin mutum miliyan 56.8 da ke buƙatar wannan kulawa duk shekara, miliyan 25.7 ne suke cikin shekararsu ta ƙarshe. Fiye da rabi ke nan ba su kai nan ba. A cikinsu akwai mai sikila, da mai ciwon ƙoda, da mai jegon da zuciyarta ta kumbura bayan haihuwa, matsalar da likitocin Sakkwato suka sani sarai.

## Yadda aka alaƙanta ta da mutuwa

Wannan fanni ya faro ne daga gadon masu cikawa. A 1967 Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan domin waɗanda likitoci suka sallama. Ita ce ta nace cewa zafin da mutum ke ji ba na jiki ne kaɗai ba, har da na zuciya da na iyali da na imani, kuma a riƙa ba da maganin ciwo a kan sa'a, kada a jira sai mutum ya yi kururuwa. A Amurka kuma, dokar 1982 ta ce gwamnati za ta biya kuɗin irin wannan jinya ga wanda ake ganin sauran kwanansa a duniya ba su wuce wata 6 ba, muddin ya haƙura da maganin warkarwa. Wannan sharaɗi na biyan kuɗi ne, ba na ilimin likitanci ba, amma ya kafa tunanin cewa sai dai a zaɓi ɗaya. Ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 1990 ma ta taƙaita ne ga waɗanda cutarsu ta ƙi jin magani.

A 2002 hukumar ta sake ma'anar, ta ce ana iya fara kulawar tun farkon rashin lafiya, tare da kemo da gashi. A 2014 Babban Taron Lafiya na Duniya ya buƙaci ƙasashe su sa ta cikin tsarin lafiyarsu a kowane mataki, har asibitin ƙauye.

Wani dalilin sauyin shi ne likitoci ba su iya hasashen lokacin mutuwa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2000 ya kwatanta hasashen likitoci a Amurka da abin da ya faru ga majiyyatansu, sai aka ga kusan kashi 20 cikin 100 ne kawai suka yi daidai, kuma yawancin kuskuren na zaton sauran lokaci mai tsawo ne. Musulmin Sakkwato ba zai yi mamaki ba, tun da ya san ajali na Allah ne. Amma sakamakon a aikace shi ne, idan aka ce sai ƙarshe ya zo za a kira masu sassauci, to kullum a makare za a kira su.

## Misali: mako takwas na gashin bakin mahaifa

Bari mu ƙaddara wata mata 'yar shekara 48 daga Gwadabawa. Ta yi wata da watanni tana ganin jini bayan al'ada ta ɗauke, da wani ruwa mai wari. An yi gwaji an ce sankarar bakin mahaifa ce, ta fara taɓa naman da ke kewaye amma ba ta yaɗu zuwa huhu ko hanta ba. A wannan mataki ba a cika yin tiyata ba, amma ana warkewa. An tura ta sashen gashi, irin wanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda mutanen Kabi da Zamfara har da na Nijar suke zuwa.

Tsarin maganin sananne ne. Za a yi mata gashi daga waje sau 25 ko kusa da haka, Litinin zuwa Juma'a, mako 5. Sau ɗaya a mako za a sa mata ruwan kemo mai suna sisfilatin, wanda ke ƙara wa gashin ƙarfi. Daga nan sai gashin ciki, inda ake kai hasken kusa da ƙarin sankarar. Ana son a kammala duka cikin mako 8. Wannan wa'adi ba son ran likita ba ne: ƙwayoyin sankarar da suka tsira suna hayayyafa a tsakani, don haka duk kwanan da aka ƙara bayan wa'adin yana rage damar kashe cutar.

Abin da ke karya wannan jadawali, ban da lalacewar na'ura da ƙarewar kuɗi, yawancinsa aikin kulawar sassauci ne.

Farko dai zafin ciwo. Matar nan tana jin ciwon mara da baya wanda ya hana ta barci. Ana so ta kwanta cik a kan gadon na'ura kullum ba motsi, ga shiga Keke Nafef daga masauki zuwa asibiti da komowa. Idan ba wanda ya tambaye ta, ɗanta zai je kemis ya sayo mata dikulofenak, ta riƙa sha safe da yamma. Yana ɗan rage ciwon, amma yana wahalar da ƙoda, shi ma sisfilatin haka. Ƙara da amai bayan kemo, da gudawar da gashin mara ke kawowa daga mako na biyu ko na uku, da zafin Sakkwato na bazara: ruwan jiki ya ƙare. Ranar kemo a yi gwajin jini a ga ƙoda ta yi rauni, sai likita ya ɗage. Mako mai zuwa ta galabaita ta kasa zuwa gashi kwana uku. Daga nan wani cikin dangi ya ce maganin nan ya fi cutar wahala, a maida ta gida a yi na Hausa. Idan suka dawo bayan wata huɗu, cutar ta wuce inda ake iya warkar da ita.

Babu ko ɗaya cikin waɗannan matakai da ba a iya tarewa da magani mai araha. Ana ba da maganin amai kafin a sa kemo da kwanaki kaɗan bayansa, ba sai aman ya fara ba. Ana koya wa mai jinya haɗa ruwan gishiri da sukari, a ba ta maganin tsayar da gudawa bayan an tabbatar ba ta ƙwayar cuta ba ce. Ana dakatar da dikulofenak a musanya shi da wanda ba ya cutar da ƙoda. Ana duba yawan jininta, domin zubar jini ta rage shi, kuma gashi bai cika aiki sosai ga mai ƙarancin jini ba. Warin da ke sa ta ɓuya a ɗaki, har kishiyoyi da jikoki su riƙa kauce mata, ƙwayoyin cuta ne da ke zama a mataccen nama, kuma filajil yana rage shi cikin 'yan kwanaki.

Akwai kuma abin da ba ƙwaya ke maganinsa ba. Mata da yawa a irin wannan hali suna daina salla saboda jini da ruwan da ba sa tsayawa, suna ta jin nauyin hakan su kaɗai. Malamai suna da hukuncin jinin ciwo, wanda ba ya hana salla, amma sai an tambaye ta za a san abin yana damun ta, a haɗa ta da malama. Likitan sankara da ke da layin mutane a ƙofarsa da wuya ya kai ga wannan tambaya.

A wannan misali kulawar sassauci ba ta zo a madadin magani ba. Ita ce ta sa aka kai ƙarshen mako na 8.

## Zancen mofin

Nan ne gardama ta fi zafi. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai uku na maganin ciwon sankara: ƙaramin ciwo a ba da farasitamol, matsakaici a ƙara irin su kodin ko taramol, mai tsanani a ba da mofin. Ana zaɓar mataki ne da ƙarfin ciwon. Mai ciwo mai tsanani a makon farko na gashi ya cancanci mofin a makon farko.

Ga yadda likita ke lissafawa ga babban mutum mai lafiyar ƙoda. Zai iya farawa da miligiram 5 na mofin na ruwa a baki, duk bayan sa'a 4. Sau 6 ke nan a kwana, jimla miligiram 30. Idan ciwo ya taso a tsakani, akwai ƙari na kashi ɗaya cikin shida na jimlar, wato miligiram 5, kuma mai jinya ya rubuta duk lokacin da aka ba da. Idan aka ga ta buƙaci ƙarin sau 3 a kwana, an sha miligiram 45 ke nan, sai likita ya raba shi gida 6, ya koma 7.5 duk sa'a 4. Tsoho ko wanda ya rame sosai akan fara masa da rabin wannan, mai ciwon ƙoda kuma tsarinsa daban ne, domin ta ƙoda jiki ke fitar da ragowar maganin. Wannan lissafi na likita ne, ba na kemis ko na gida ba.

Gyangyaɗi da tashin zuciya na kwanakin farko sukan wuce. Taurin bayan gida ba ya wucewa, shi ya sa ake rubuta maganin sassauta ciki tare da mofin tun ranar farko. Idan aka manta, majiyyaci zai daina shan mofin da kansa. Alamomin an wuce gona da iri su ne barcin da ake shan wuya kafin a tada mutum, numfashi a hankali ƙwarai, ruɗewa, da fizgar gaɓoɓi. Idan aka ga haka sai a dakata a nemi likita nan take.

Tsoron mutane kashi biyu ne. Na farko, cewa mofin yana gaggauta mutuwa. Abin da ke faruwa shi ne, idan ba a ba mutum sai kwana biyu kafin ya cika, dangi za su haɗa allurar da rasuwar, su ba maƙwabta labari, na gaba ya ƙi karɓa har sai shi ma ya kai gargara. Jinkirin shi ke ciyar da tsoron. Idan ana ƙara maganin a hankali daidai da ciwo, binciken da aka yi bai nuna yana rage kwana ba. Na biyu, tsoron sabo da ƙwaya, kuma duk wanda ya ga abin da taramol da kodin suka yi wa matasan Arewa, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, ba zai raina wannan tsoro ba. Haɗarin karkatar da magani gaskiya ne, shi ya sa ake rubuta shi a rajista, a ba da na 'yan kwanaki, a ɗora alhakin ajiyarsa a kan mutum ɗaya a gida. Amma matar Gwadabawa, idan gashi ya tsuke ƙarin sankarar, ciwon ya ragu, ana rage mata mofin sannu a hankali har ta daina. Ba a yanke shi lokaci ɗaya, domin jiki ya saba.

## Abin da bincike ya nuna, da inda ya tsaya

Binciken da aka fi ambata an yi shi ne a wani babban asibiti a Boston, aka wallafa a 2010. An ɗauki mutum 151 da aka gano suna da sankarar huhu da ta riga ta yaɗu, aka raba su biyu. Duk suna karɓar maganin sankara, amma rukuni ɗaya yana ganin masu sassauci tun daga farko, aƙalla sau ɗaya a wata. Waɗannan sun fi jin daɗin rayuwarsu, kuma kashi 16 cikin 100 ne suka nuna alamun ciwon damuwa, a ɗaya rukunin kuwa kashi 38. Kaɗan ne cikinsu aka yi wa magani mai tsanani a kwanakin ƙarshe. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne sun fi daɗewa: matsakaicin wata 11.6, ɗaya rukunin 8.9. Bayan wannan da wasu binciken, ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka ta ba da shawarar a haɗa mai sankarar da ta yi nisa da masu sassauci cikin mako 8 da gano cutar.

Masu taka-tsantsan suna da hujjarsu. Binciken da suka biyo baya ba duka ne suka sami ƙarin tsawon rai ba, kuma da aka tattara su aka duba, abin da ya tabbata shi ne raguwar wahala da ingantuwar rayuwa, shi ma daidai gwargwado. Saboda haka wanda ya ce wa dangi wannan kulawa za ta tsawaita ran mara lafiyarsu ya faɗi fiye da abin da aka tabbatar. Abin da ake iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne ba ta gajarta shi.

Hujja ta biyu ta fi shafar mu. A Boston akwai ƙwararrun da za su zauna da kowane majiyyaci duk wata. A Najeriya fannin ƙarami ne. Ya fara kafuwa a Ibadan ta hannun irin su Farfesa Olaitan Soyannwo, kuma har yanzu ƙwararrun 'yan kaɗan ne, yawancinsu a manyan asibitoci. Wasu likitoci suna ganin idan aka ce kowa ya gan su tun farko, za a hana masu tsananin buƙata. Ɗaya ɓangaren ya amsa cewa ba a buƙatar ƙwararre don a tambayi mutum ƙarfin ciwonsa daga sifili zuwa 10 a rubuta maganin da ya dace. Wannan aikin kowane likita ne da kowace nas, a bar wa ƙwararru masu wuya. Suna kafa hujja da Yuganda, inda tun 1993 ake haɗa mofin na ruwa mai araha, kuma a 2004 doka ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi. Wannan amsa ta fi kusa da abin da zai yiwu a jiha kamar Sakkwato, inda majiyyaci daga Isa ko Tangaza ba zai iya zuwa birni duk lokacin da maganinsa ya ƙare ba. Sai dai tana buƙatar maganin ya kasance a kantin asibiti, abin da ba kullum yake samuwa ba.

## Idan maganin bai ci ba

A ce bayan shekara cutar ta dawo wa matar nan, ta kama ƙashin baya. Yanzu ba a maganar warkewa, amma magani bai ƙare ba: gashi sau ɗaya tak a kan ƙashin yakan rage ciwon ga mafi yawan majiyyata. Iyaka tsakanin maganin cuta da sassauci ba ta da kaifi kamar yadda ake zato. Nauyin ne ke karkata daga wannan zuwa wancan a hankali.

A nan ne amfanin sanin juna da masu sassauci tun da wuri ke fitowa. Akwai tambayoyi masu nauyi: a ƙara wani zagayen kemo da zai cinye ragowar shanun gidan, alhali amfaninsa kaɗan ne? A ci gaba da zama a asibiti ko a koma Gwadabawa? Maigida da manyan 'ya'ya sukan ja likita gefe su ce, "Likita, don Allah kada a gaya wa Inna, zuciyarta ba za ta ɗauka ba." Nufinsu alheri ne. A ɗaya gefen kuma tana da haƙƙin sanin halin da take ciki, wataƙila tana da bashin da take son biya, da wasiyya, da wanda take son su yafi juna. Hanyar da masu wannan fanni ke bi ita ce su tambaye ta ita kanta: nawa take son sani, kuma da wa take son a yi maganar. Wata za ta ce a gaya mata komai, wata ta ce a yi da babban ɗanta. Irin wannan zance yana yiwuwa da nas ɗin da ta san gidan shekara guda. Baƙuwar fuska da aka kira daren ƙarshe ba za ta iya ba.

## Abin da ya shafi mai jinya

Ga iyalin da ke da mara lafiya yanzu, tura su wajen masu sassauci ba ya nufin an cire sunansa daga jadawalin kemo ko gashi, kuma suna iya tambayar likita kai tsaye: wannan magani don warkarwa ne, ko don tsawaita lokaci, ko don rage wahala? Amsar ce za ta nuna musu yadda za su kashe abin da ke hannunsu.

Ba sai an jira likita ya kawo zancen ba. Idan ciwo yana hana barci, ko amai ya hana ci da sha fiye da kwana ɗaya, ko fitsari ya ragu, ko an kwana uku ba bayan gida ga mai shan mofin ko taramol, ko majiyyaci ya fara cewa ba zai koma gashi ba, lokacin faɗa ya yi. Kawaici a nan yana da tsada, domin likita yana rubuta magani ne bisa abin da aka gaya masa, kuma "da sauƙi" da muke amsawa da ita ko da ana cikin azaba takan sa ya ɗauka komai lafiya. Ya kamata kuma a tafi da duk abin da ake sha a gida a leda, na kemis da na gargajiya, a nuna, tun kafin ranar kemo ta farko.